Awa 72 ɗin da ke jikin kwali, da abin da kwalin bai faɗa ba

Tun farko ku yi haƙuri, rubutun nan zai yi tsawo, kuma magana ce da ba mu saba yin ta a fili ba. Na daɗe ina juya ta a raina kafin na yanke shawarar rubutawa. Wadda abin ya faru da ita ta ba ni izini, da sharaɗin ba zan ambaci sunanta ba.

Waɗanda suka san ni sun san a Beji nake aure, daga can nake shigowa Bosso lakca da aikin lab. Mastas nake yi a ɓangaren bayokemistiri a FUT Minna. Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba, kada wani ya ɗauki wannan a matsayin takardar asibiti. Amma yadda sinadaran jiki ke aika wa juna saƙo shi ne abin da nake karantawa dare da rana, kuma shi ne ya yi mini rana wata safiyar Asabar.

Faccalata ce ta shigo ɗakina bayan asuba, ko kari ba mu yi ba. Yarinya ce ƙarama, ita ma ɗaliba ce, tana goyon ɗa ɗan wata 10. Aiki aka yi mata aka ciro shi, kuma likita ya ja mata kunne cewa ta huta kamar shekara 2 kafin wani cikin, saboda ɗinkin mahaifa ya warke sosai. Ita da mijinta da kwaroron roba suke tazara. Daren Juma'a, wajen ƙarfe 11, robar ta yage.

Ta daɗe tana wasa da gefen hijabinta kafin ta iya faɗa mini. Da ta gama sai ta ce, "Amma Yaya ba komai, na ji an ce maganin nan har kwana uku yana aiki. Ranar Litinin in na shiga Minna sai in saya a can. Kin san mai kemis ɗin nan ya san kowa a gidan nan, wallahi ba zan iya ba."

Kunya ce, kuma na gane ta sarai. A ƙaramin gari, abin da ka saya da safe kafin la'asar ya zama labari. Lissafinta kuma a ido daidai yake: daga ƙarfe 11 na daren Juma'a zuwa azahar ɗin Litinin bai kai awa 72 ba, awa 60 da 'yan kai ne. Kwali ya ce 72, ita tana ciki. To ina matsalar?

Matsalar ita ce ƙwayar nan da ƙwan mace take tsere, shi kuwa ƙwai ba ya duba agogon kwali.

Bari in fara daga tushe, don yawancinmu, har da 'yan kimiyya, muna ɗauka cewa ciki yana shiga ne a daren da aka sadu. Sau da yawa ba haka ba ne. Mace tana sakin ƙwai ɗaya a wata, daga ɗaya cikin ma'ajiyar ƙwai biyu da ke gefen mahaifa. Idan ya fito, rayuwarsa gajeriya ce ƙwarai, awa 12 zuwa 24, in bai haɗu da komai ba ya lalace. Ƙwayoyin maniyyi su ne masu haƙuri. A kwanakin da ke gab da fitar ƙwai, ruwan bakin mahaifa yana yin santsi da yauƙi kamar farin ƙwan kaza, kuma a cikinsa suna iya rayuwa har kwana 5. Suna haurawa su zauna a bututun mahaifa suna jira. Wato ana iya saduwa ranar Juma'a, ƙwai ya fito ranar Talata, cikin ya shiga ranar Talata. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1995, wanda ya bi mata yana auna fitsarinsu kullum, ya nuna duk cikin da aka samu daga saduwar kwana 6 ne kacal a wata: kwana 5 kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa.

Wannan jiran da maniyyi ke yi shi ne ƙofar da maganin ke shiga. Idan aka iya riƙe ƙwai kada ya fito har kwana 5 su wuce, masu jira za su mutu a banza, ƙwan ya fito daga baya ya tarar ba kowa. Aikin ke nan gaba ɗaya. Ƙwayar ba ta kashe maniyyi, ba ta "wanke mahaifa" kamar yadda ake faɗa a hostal, ba ta kuma taɓa ƙwan da ya riga ya fito.

To yaya ake riƙe ƙwai? Nan ne karatuna ya shigo. Ƙwan yana girma ne a cikin wata 'yar jaka mai ruwa a jikin ma'ajiyar. Yayin da jakar ke girma tana fitar da sinadarin istirojin cikin jini. Idan istirojin ya yi yawa ya daɗe a sama, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa sai ya ɗauke shi a matsayin alamar cewa ƙwai ya nuna, ya sako wani sinadari da ake kira LH da yawa a lokaci guda. Tashin LH ɗin nan shi ne umarni. Daga lokacin da ya fara tashi, wajen kwana ɗaya da rabi jakar za ta fashe, ƙwai ya fito.

Ƙwayar da aka fi sani a kemis ɗinmu, Postinor-2 da 'yan uwanta, sinadarin da ke ciki sunansa lebonojestirel, miligiram 1.5 gaba ɗaya. Wani kwalin ƙwaya ɗaya ce, wani biyu ne masu 0.75 kowacce, kuma ana iya haɗiye biyun tare. Kwaikwayon sinadarin furojestaron ne, wanda a al'ada jiki ke fitarwa bayan ƙwai ya riga ya fita. Idan ya cika jini kwatsam, ƙwaƙwalwa sai ta karanta shi kamar an riga an gama aikin wannan watan, ta fasa sako LH ko ta jinkirta. In babu umarni jakar ba za ta fashe ba, ƙwai ya zauna a inda yake.

Ku kwatanta da tashar mota. Direba ya gama lodi, yana jiran ɗan kamasho ya buga masa mota ya ce tafi. In ka iso kafin a buga, kana iya riƙe ɗan kamashon da magana har a ɓata lokaci. In ka iso bayan an buga, direba ya sa giya, riƙe ɗan kamasho ba zai tsayar da komai ba. Lebonojestirel ɗan kamasho yake riƙewa. Da zarar LH ya fara tashi sosai, ƙarfinsa ya kusa ƙarewa.

Na ce da faccalata ta ɗauko wayarta. Allah ya taimaka tana rubuta ranakun al'adarta a kalanda tun da jinin ya dawo mata bayan haihuwa. Wata huɗu muka samu: kwana 27, 30, 26, 29. Ana ƙirgawa ne daga ranar farko da jini ya zo, ita ce rana ta 1. Daga fitar ƙwai zuwa zuwan jini na gaba yawanci wajen kwana 14 ne, don haka in ka cire 14 daga tsawon watan za ka samu ƙiyasin ranar ƙwai. Nata ya faɗo tsakanin rana ta 12 da ta 16. Daren Juma'ar nan kuwa rana ta 9 ce.

Muka ƙirga da yatsu. Maniyyin rana ta 9 yana iya kaiwa rana ta 14 da ransa. In wannan watan irin na kwana 29 ko 30 ne, ƙwai zai fito rana ta 15 ko 16, da wuya ya tarar da wani abu, ko ta sha ko ba ta sha ba. Amma in irin na 26 ne ko 27, ƙwai zai fito rana ta 12 ko 13, tsakiyar lokacin da ake jiransa. Litinin ɗin da take son ta jira ita ce rana ta 12. LH kuma yana tashi ne kwana ɗaya da rabi kafin ƙwai, wato daren Asabar zuwa Lahadi in gajeren wata ne. Ranar Litinin da azahar za ta sayi magani mai kyau, ta sha shi a cikin awa 72 kamar yadda kwali ya ce, alhali an riga an buga wa direba mota tun jiya.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Yaya ta yaya za mu san wane irin wata ne wannan?"

Na ce ba za mu sani ba, kuma shi ne dalilin gaggawar. Lissafin kalanda ƙiyasi ne kawai, balle ga mai shayarwa da jininta bai gama daidaita ba. Jarrabawa, zazzaɓi, tafiya, rashin barci, duk suna iya matsar da ranar ƙwai gaba ko baya. Manhajojin waya da ke zana miki fure a kan "ranar ƙwai" su ma lissafin nan suke yi, ba su leƙa cikin kowa ba. Tun da ba ki san ranar da za a ba da umarni ba, abin da ke hannunki kawai shi ne ki riga shi. Kowace awa da ta wuce, ƙwayar tana nan da ƙarfinta, amma yiwuwar cewa LH ya riga ya tashi ƙaruwa take yi.

Ni na je. Na sa hijabi na hau mota, muka wuce Maikunkele na sauka Bosso, na shiga babban kantin magani inda ba wanda ya san ni. Abin dariya, ni mai yi mata wa'azin kada ta ji kunya, ni ma ban iya shiga kemis ɗin unguwa ba. Na kankare wurin lambar da ke jikin kwalin na tura saƙo kamar yadda aka rubuta, amsa ta dawo cewa na gaske ne, na duba ranar lalacewa. Ban yi haka don tsoro kawai ba: NAFDAC ta taɓa fitar da sanarwa kan jabun Postinor-2 a kasuwa. Kafin ƙarfe 10 na safe ta sha, wato awa 11 bayan abin.

Yanzu bari in kawo muku ɗaya labarin, don shi ne ya sa na fahimci abin da kyau. Wata abokiyar karatuna, matar aure ita ma, lokacin muna shekarar ƙarshe ta digirin farko, irin haka ta same ta. Ita ba ta yi jinkiri ko kaɗan ba, cikin awa 5 ta sha. Bayan sati uku gwaji ya nuna ciki. Ta yi ta rantsuwa jabu aka sayar mata. Mai yiwuwa ne, amma da muka zauna daga baya muka ƙirga, watanta kwana 28 ne kusan kullum, abin kuma ya faru a rana ta 14, har ta tuna ta ji ɗan ciwon nan na gefen mara da wasu mata ke ji ranar fitar ƙwai. In haka ne, ko a cikin minti biyar ta sha ba abin da zai canja. Ƙwan ya riga ya fito ko yana bakin ƙofa. Ta rubuta firojek da ciki, ta haifi 'yarta lafiya ƙalau, yarinyar yanzu tana makaranta. Binciken da aka yi kan matan da suka sha ƙwayar amma cikin ya shiga bai nuna tana cutar da jaririn ba.

Ku duba: ɗaya ta sha bayan awa 11, ɗaya bayan awa 5. In da agogon kwali kaɗai ake bi, ta biyun ce ta fi tsaro. Amma ta farkon tana gaban ƙwai, ta biyun tana bayansa.

Akwai wani bincike da aka yi a ƙasar Chile, aka wallafa a 2011, da ya nuna wannan ƙarara. Sun auna jinin matan da suka zo neman ƙwayar, suka kuma yi musu hoton mara, don su san ainihin inda kowacce take a watanta. Mata 103 sun sha kafin fitar ƙwai, bayan saduwa a kwanakin haɗari. A lissafi, in ba magani, ana sa ran kamar 16 za su ɗauki ciki. Ko ɗaya ba ta ɗauka ba. Wasu 45 kuma sun sha a ranar ƙwai ko bayanta. Ana sa ran tsakanin 8 da 9 za su ɗauka, sai 8 suka ɗauka. Wato kamar ba su sha komai ba.

Wannan ya amsa tambayar da na san tana zuciyar da yawa daga cikinku, wadda faccalata ma ta yi mini kafin ta kai ƙwayar baki: "Yaya, ba zubar da ciki ba ne dai ko?" Da a ce maganin yana hana ƙwan da ya haɗu da maniyyi zama a mahaifa, ko yana fitar da wanda ya zauna, da matan nan 45 sun ga ragi. Ba su gani ba. A ƙarshen 2022 hukumar magunguna ta Amurka ma ta gyara bayanin da ke cikin kwalin irin wannan ƙwaya, ta ce shaidar da ake da ita ta nuna kafin fitar ƙwai take aiki, ba ta hana ciki zama. Magungunan zubar da ciki daban suke, aikinsu daban. Hukuncin tazarar haihuwa a addini kuwa na malamai ne, ba nawa ba. Abin da kawai zan roƙa shi ne duk mai kai tambayar ya kai ta da bayanin da yake daidai, domin fatawa tana bin yadda aka siffanta abu ne.

To daga ina 72 ta samo asali? Daga yadda aka tsara gwaje-gwajen farko. Babban gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 matan da suka zo cikin awa 72 ya ɗauka, kuma daga shi aka samo alƙaluman da za ku gani ana yawo da su: ƙwayar ta hana kashi 95 cikin 100 na cikin da ake sa rai in an sha a awa 24 na farko, kashi 85 a kwana na biyu, kashi 58 a kwana na uku. Wasu binciken da suka biyo baya ba su ga faɗuwar ta yi tsanani haka ba, shi ya sa hukumar ke cewa ana iya sha har kwana 5, duk da ƙarfin yana raguwa. Darasi biyu na ɗauka daga nan. Wadda take awa 10 kada ta ce ai ina da sauran 62. Wadda kuma ta kai awa 80 kada ta ce shi ke nan na makara ta zauna tana kuka, ta tashi ta nemi taimako.

Domin akwai abin da ya fi lebonojestirel ƙarfi a ƙurarren lokaci. Akwai wata ƙwaya mai sinadarin yulifiristal, miligiram 30, ana sayar da ita da sunan ellaOne, an amince da ita har awa 120. Ita toshe wurin da furojestaron ke kamawa take yi, har a jikin jakar ƙwan kanta, don haka ko LH ya fara tashi tana iya hana jakar fashewa, matuƙar bai kai ƙololuwa ba. A misalinmu na tasha, kamar ka sha gaban motar ne tana ƙoƙarin fita daga ƙofa. Da ta hau titi, ita ma yulifiristal ta rasa ta. Ta fi tsada, kuma ba kowane kanti ke ajiye ta ba. Wanda ya fi su duka shi ne robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ma'aikaciyar lafiya ke sakawa cikin kwana 5. Jan ƙarfen yana kashe kuzarin maniyyi, yana kuma canja yanayin cikin mahaifa, shi ya sa ita kaɗai ce ke aiki ko ƙwai ya riga ya fito, kuma tana hana fiye da kashi 99 cikin 100. Da abokiyata ta san tana rana ta 14 ne kuma ta san da wannan, sashen tazarar haihuwa na asibiti ya kamata ta nufa.

Akwai abubuwan da ke rage wa ƙwayar ƙarfi ko an sha a kan lokaci, kuma duk dalilinsu ɗaya ne: sinadarin bai kai yawan da ake so a jini ba. Wadda ta yi amai cikin awa 2 zuwa 3 da sha, ta ɗauka bai shiga ba, ta sake. Wadda ke shan maganin tarin fuka mai rifamfisin, ko wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazafin da fenitoyin, ko ifabirenz na ƙanjamau, hantarta tana narkar da ƙwayar da sauri fiye da kima. Ta faɗa wa mai ba da magani, don a irin wannan hali akan ninka lebonojestirel ko a koma ga roba. Haka mace mai jiki, wadda nauyinta ya haura kilo 70, akwai alamun lebonojestirel yana raguwa a gare ta, gara ta nemi shawara kan yulifiristal ko roba. Ga mai shayarwa irin faccalata, lebonojestirel ba ya hana ba da nono. Takardar da ke cikin kwalin yulifiristal kuwa ta ce a dakata da shayarwa sati ɗaya, wanda da ɗan wata 10 mai rigima ba ƙaramin aiki ba ne.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne wanda ke zuwa bayan an sha. Mutane suna ɗauka an samu kariya ta sauran watan. Ku tuna abin da ƙwayar ta yi: ta ɗage fitar ƙwai ne, ba lallai ta soke shi ba. Ƙwan da aka riƙe yana iya fitowa bayan 'yan kwanaki, a ranar da kalandarki ta ce kin wuce haɗari. In aka sake saduwa ba kariya kwana biyu ko uku bayan an sha, sabon maniyyi ne zai je ya zauna jira, kuma ƙwayar ta riga ta fara barin jini. Na faɗa wa faccalata wannan ba tare da kwana-kwana ba: har jini ya zo, roba ko haƙuri. Ta rufe fuska tana dariya ta ce, "Kai Yaya!" Na ce ki je ki faɗa masa dai.

Ranar ta yi ɗan tashin zuciya da ciwon kai, washegari ya wuce. Bayan kamar mako guda ta ga ɗan ɗigon jini na kwana biyu, ta rugo a tsorace. Wannan yana faruwa, kuma ba shi ne al'ada ba, bai kuma tabbatar da komai ba. Al'adar gaske ta zo a rana ta 24, da wuri fiye da yadda ta saba, da yawanta kamar kullum. Ƙwayar tana iya jawo jinin kusa ko ta tura shi gaba da 'yan kwanaki. Abin da na sa ta riƙe shi ne: in jini ya makara fiye da kwana 7, ko ya zo ɗan kaɗan ba kamar yadda aka saba ba, a yi gwajin fitsari, kuma gwajin yana zama abin dogaro ne bayan sati 3 da saduwar. Gwajin washegari ɓarnar kuɗi ne. In kuwa jini ya makara ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri, asibiti za a tafi a ranar, saboda yana iya zama ciki a bututu.

Ba zan ce muku ƙwayar ce ta cece ta ba. Wataƙila watan nan ƙwanta na rana ta 16 ne, da ko ba ta sha ba lafiya lau. Ba wanda zai taɓa sani. Abin da na sani shi ne in na rana ta 12 ne ko 13, safiyar Asabar tana da amfani, azahar ɗin Litinin ba ta da shi.

Na san a ƙasan rubutun nan za a samu mai cewa ina koya wa 'yan mata lalata. Matan aure nawa ne a ajinku? Nawa ne ke goyo suna rubuta jarrabawa, suna tsoron kwanika? Sannan akwai wadda aka yi wa fyaɗe, wadda ba ta zaɓi komai ba. Ita agogo biyu ne ke gudu a kanta, domin maganin kariya daga ƙanjamau da ake bayarwa a asibiti shi ma dole a fara shi cikin awa 72, kuma ƙwayar hana ciki ba ta kare kowa daga cutar da ake ɗauka ta saduwa. In 'yar ɗakinku ce, kada ku tsaya a kemis, ku raka ta asibiti a daren.

Su kuma masu shan ta duk sati kamar fanadol, ban san wata shaida da ta nuna tana hana haihuwa nan gaba ba, duk da yadda ake tsoratarwa. Matsalarta ita ce ta fi duk hanyoyin tazara na yau da kullum saurin kasawa. Mai sha sau uku a wata, wata rana dole ta faɗo a kan ranar da LH ya riga ya tashi, kuma tun da ƙwayar kanta tana rikita ranakun jinin, ba za ta ma iya ƙirgawa ba.

Faccalata dai bayan jinin ya ɗauke, ita da mijinta suka shigo Minna aka saka mata ashanar hannu. Ni na riƙe mata yaron a bakin sashen, yana ta ja mini hijabi, ina amsa kiran supabaiza ina ce masa ga ni nan a hanya.